Kulle hoto kafin a taɓa sauti

Ɗalibin da zai miƙa fim ɗin kammala karatu ya fara lissafi daga ranar miƙawa, ya dawo baya. In makonni 8 suka rage, 4 na tace hoto ne, daga nan a kulle shi. Sai gyaran launi da haɗa sauti su biyo, domin in aka yanke daƙiƙa 2 bayan kullewa, magana za ta saɓa da motsin baki har ƙarshen fim.

Makon ƙarshe na fitarwa ne: babban kwafi a ProRes, na kallo a H.264, sauti a 48 kHz. A kalle shi a majigin zauren jarrabawa tukuna, don duhun da ya yi kyau a kwamfuta yakan haɗiye fuskoki a bango.