Motocin Dakon Maiƙo a Cikin Jininka

Zuba cokalin man gyaɗa a kwanon ruwa ka dama. Da ka ɗauke hannu, man zai taso sama ya ware kansa. Jini kuwa mafi yawansa ruwa ne, amma dole maiƙo ya bi ta cikinsa ya isa tsoka da sauran gaɓoɓi. Dabarar jiki ita ce ya ƙunshe maiƙon cikin 'yan mitsi-mitsin ƙwallaye, bayansu furotin da wani irin maiƙo mai shiri da ruwa, cikinsu kuma kaya. Sunansu lifofurotin, kuma su ne motocin dakon.

Kayan da suke ɗauka iri biyu ne. Na farko tiraigilisarid, wanda takardar gwaji kan taƙaita da TG. Shi ne ainihin mai da kitsen da muke ci, kuma makamashi ne: tsoka ta ƙona shi, rarar a adana a teɓa. Na biyu kolestarol, wanda ba a ƙona shi. Kayan gini ne, da shi ake yin bangon ƙwayoyin halitta, da ruwan madaciya, da wasu sinadaran jiki. Mafi yawansa ma jiki ne ke ƙera shi da kansa.

Bayan ka ci tsire, hanji kan loda maiƙon a manyan motoci da ake kira kailomaikuron. Suna ratsa ƙananan jijiyoyin tsoka da teɓa, wani sinadari da ke jikin bangon jijiya yana sauke musu TG, ragowar ta wuce hanta. Ita ma hanta tana da nata motocin, VLDL, cike da TG da take haɗawa, har daga rarar sukari da sitaci. Shi ya sa mai yawan shan lemon kwalba zai iya samun TG mai yawa ko da ba ya cin kitse. Idan VLDL ta gama sauke TG sai ta ƙanƙance, kolestarol ya rinjaya a cikinta. Wannan ragowar ita ce LDL.

Aikin LDL raba kolestarol ne, kuma hanta na janye mafi yawanta daga jini ta wasu ƙofofi na musamman. Gano ƙofofin nan ne ya ba Michael Brown da Joseph Goldstein kyautar Nobel a 1985. Idan LDL ta yi yawa ta daɗe tana yawo, sai ta riƙa kutsawa cikin bangon jijiya tana maƙalewa. Shekara da shekaru wurin na yin tudu, hanya na ƙuntata, mutum bai ji komai ba. Ranar da tudun ya fashe jini ya daskare a kansa, sai bugun zuciya ko shanyewar ɓarin jiki. HDL kuwa juya akalar take yi: tana kwaso rarar kolestarol daga sassan jiki ta mayar wa hanta, a fitar ta madaciya. Ke nan kolestarol ɗin iri ɗaya ne a motocin biyu, inda kowace ta dosa ne ya bambanta.

Mu ɗauki misalin magidanci da aka ba sakamako a ma'aunin mmol/L: jimillar kolestarol 6.2, HDL 1.0, TG 2.2. Ɗakunan gwaji da yawa ba sa auna LDL kai tsaye, lissafi suke yi da ƙa'idar Friedewald ta 1972:

```
LDL = TC - HDL - (TG / 2.2)
```

Wato a cire 1.0 daga 6.2, a sake cire 1.0, saura 4.2. Abin da aka fi so ga LDL shi ne ƙasa da 2.6, TG kuma ƙasa da 1.7. HDL ta yi ƙaranci idan ta gaza 1.0 ga namiji, ko 1.3 ga mace. Mutumin nan LDL ɗinsa ta haura sosai, TG ta ɗan wuce, HDL na bakin iyaka.

Lissafin yana da iyaka. Idan TG ta wuce 4.5 ba ya aiki, sai an auna kai tsaye. TG kuma kan tashi bayan cin abinci, don haka likita kan ce a zo bayan awa 9 zuwa 12 ba a ci komai ba sai ruwa. Sannan kada yawan HDL ya ruɗi kowa: an gwada magungunan da ke ɗaga ta, yawancinsu ba su rage bugun zuciya ba, alhali saukar da LDL yana ragewa. Idan ka karɓi takardarka, fara duba layin LDL, sannan ka zauna da likita ya haɗa shi da shekarunka, da hawan jini, da ciwon sukari, da shan taba, kafin a yanke ko gyaran abinci da motsa jiki zai wadatar, ko sai an haɗa da magani.