Kafin a Haƙa Rijiya ta Farko: Takardar da Ke Ɗaure Mai Binciken Share Fage

Ranar da wani aikin raya ƙasa ya zo ƙarshe, masu ba da kuɗi kan yi tambaya ɗaya: me ya canza? Ba a iya amsa ta sai an san yadda jama'a suke tun kafin a fara. Shi ya sa ƙungiyoyi ke ɗauko ƙwararren mai bincike daga waje ya zaga garuruwan da za a yi aikin, ya auna halin da ake ciki. Wannan shi ne binciken share fage. Takardar da ke faɗa wa ƙwararren abin da ake so da shi kuwa, ita ce takardar sharuɗɗan aiki, wadda ma'aikatan ƙungiyoyi ke kira TOR. Yawanci shafuka kaɗan ce, amma idan ta karkace, duk abin da aka gina a kanta ya karkace.

A ɗauki misali. A ce wata ƙungiya za ta haƙa rijiyoyin burtsatse a ƙauyuka arba'in na Jihar Jigawa cikin shekara uku. Takarda mara ƙarfi za ta ce wa ƙwararren ya "binciko matsalar ruwa a yankin". Wannan ba umarni ba ne, domin kowa ya san akwai matsalar ruwa. Takarda mai kyau za ta faɗi ma'aunin da za a yi amfani da shi ƙarara. Akwai wanda Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF suka tsayar: gida yana da ruwan sha na matakin farko idan yana ɗiba daga ingantacciyar mashaya, kuma zuwa da dawowa, har da zaman layi, ba su wuce minti 30 ba. To, tambayar ta zama: kashi nawa cikin ɗari na gidajen ƙauyukan nan suka cika wannan sharaɗi? Bayan shekara uku a sake yin tambayar daidai yadda aka yi ta. Wanda ya ba da rancen hatsi da tiya, da tiyar nan ake auna masa ranar biya.

Kalmar "gida" ma sai an warware ta a rubuce. A ƙauye, zaure ɗaya na iya kaiwa ga sassan magidanta huɗu ko biyar. Masu bincike sukan lissafa waɗanda ke ci daga tukunya ɗaya a matsayin gida ɗaya. Idan takardar ta yi shiru, wani mai tambaya zai ƙirga zaure, wani ya ƙirga tukunya, alƙaluman su cakuɗe ba tare da kowa ya lura ba.

Sai batun lokaci, wanda a nan ne aka fi yin asara. Idan aka yi binciken farko a watan Afrilu, lokacin da rijiyoyi suka ja baya, layi ya yi tsawo, 'yan garuwa suka ƙara kuɗi, sannan aka yi na ƙarshe a watan Satumba bayan damina ta cika ko'ina, sakamakon zai nuna gagarumin ci gaba ko da ba a haƙa rijiya ko ɗaya ba. Ruwan sama ne ya yi aikin, ƙungiya ta karɓi yabo. Haka abin yake a binciken abinci: gidan da aka tambaya a watan Yuli, lokacin da rumbu ya yi ƙasa, ba zai ba da amsar da zai bayar da kaka ba. Don haka dole takardar ta ambaci watan da za a shiga ƙauyuka, ta kuma ce a watan ne za a maimaita. Ana kuma duba kalanda a kauce wa watan azumi da makon Sallah, domin cin abinci da zirga-zirgar gida duk sukan sauya.

Gida nawa za a tambaya? Lissafin da aka saba da shi ya nuna cewa idan ana son tabbaci na kashi 95 cikin ɗari, da kuskuren da bai wuce kashi 5 sama ko ƙasa ba, ana buƙatar gida 384, muddin an tsinto su ɗaya-ɗaya ta hanyar ƙuri'a daga duk yankin. Amma a aikace ƙauyuka ake fara zaɓa, sannan gidaje a cikinsu, kuma maƙwabta sukan sha daga rijiya ɗaya, amsoshinsu su yi kama da juna. Saboda haka ake yawan ninka adadin sau biyu, ya zama 768. A ƙara kusan kashi goma saboda waɗanda ba za a tarar a gida ba ko suka ƙi magana, an doshi 850. Akwai kuma wata matsala: rabon Najeriya da ƙidayar jama'a tun 2006, don haka ba a dogara da tsohon jerin gidaje. Sai takardar ta ware kwanakin da za a zauna da dagatai da masu unguwanni a rubuta sabon jeri.

Daga wannan adadi ne ake gane ko kwanakin da aka bayar na gaskiya ne. Masu tambaya goma, kowanne yana gama gida shida a wuni, gida 60 ke nan. Gida 850 zai ci musu kwana goma sha huɗu zuwa sha biyar a ƙauye kaɗai, ban da horo, da gwajin tambayoyi, da fassara su zuwa Hausa, wani wurin har da Fulatanci, da rubuta rahoto. Takardar da ta ce a gama komai cikin sati biyu tana tura mutane ne su zauna a gindin bishiya su cike amsoshi da kansu.

Ana iya kama irin wannan. Yawanci yanzu da waya ake tattara amsoshi, ta manhajoji irin su KoboToolbox ko ODK, waɗanda ke iya ajiye wurin da aka yi hira da lokacin farawa da gamawa. Idan hirar da ya kamata ta ci minti arba'in ta ƙare cikin bakwai, ko gida ashirin suka fito a tabo ɗaya a taswira, an san abin da ya faru. Takarda mai kyau kan bai wa ƙungiya damar duba amsoshin kullum, ta kuma koma wasu gidajen ta sake tambaya.

Wani sharaɗin da ake mantawa shi ne yawan mata a cikin masu tambaya. Uwargida ce ta san tulu nawa aka ɗebo jiya da yaron da ya yi gudawa, kuma baƙo namiji iyakarsa zaure. Tawagar da babu mata za ta dawo da amsar maigida kawai. Haka nan ba a fara hira sai mutum ya yarda bayan an yi masa bayani, kuma tun 2023 Najeriya na da dokar kare bayanan mutane da ta shafi sunaye da lambobin wayar da ake tarawa.

Biyan kuɗi kan zo kashi-kashi: wani bayan an amince da rahoton tsarin aiki, wani bayan daftarin rahoto, ragowar a ƙarshe. Abin da ya kamata a ɗaura wa kason ƙarshen shi ne miƙa ɗanyen bayanan gaba ɗaya, da takardar tambayoyi, da jerin ƙauyukan da yadda aka zaɓi gidajen. Rahoto mai kyan bango ba ya wadatarwa, domin mai binciken ƙarshe sau da yawa wani mutum ne daban, kuma da waɗannan kayan ne zai iya maimaita awon. Duk jami'in da zai sa hannu a irin wannan takarda, ya tabbatar an rubuta cewa bayanan mallakin aikin ne, kuma ba za a biya cikon kuɗi ba sai sun shigo hannu an buɗe su an gani.