Wasiƙar Wata-Wata: Abin da Mai Zuma Zai Faɗa Ran da Ba Shi da Zuma

A ɗauki mai kiwon zuma da ke da masu saye kamar sittin. Ɗiban zuma ba kullum ba ne, galibi sai da rani. Sauran watannin shiru ne, kuma a cikin shirun nan ake manta mutum. Wasiƙar labarai da yake aika wa mutanensa sau ɗaya a wata ita ke cike wannan giɓin.

Inda aka fi yin kuskure shi ne a mai da ita talla. Wanda aka aika wa "akwai kaya, ga farashi" sau uku a jere, a na huɗu ba zai buɗe ba. Abin da ke riƙe mai karatu shi ne a gaya masa abin da mai sana'ar kaɗai ya sani. Da hunturu, alal misali, zuma kan daskare a kwalba, sai mai saye ya ɗauka an haɗa masa da sukari. To, wasiƙar watan Disamba ta samu ke nan. Ya bayyana cewa zuma ta gaske ma tana yin haka saboda irin sukarin da ke cikinta tun asali, kuma in an tsoma kwalbar a ruwan ɗumi za ta narke, ba sai an ɗora ta a wuta ba. Layi goma sun isa, da hoto ɗaya na amya. Maganar farashi ta jira ƙarshe, in ma akwai ta.

A ganina wata-wata ya fi mako-mako ga mai aikin hannu, domin wanda ya ɗauki alkawarin kowace Juma'a yakan rasa ta cewa kafin a je ko'ina. Ya dai tsayar da rana, kada ya saɓa.

Hanyar aikawa ma tana da tarko. A WhatsApp, jerin aikawa na bai-ɗaya yana ɗaukar mutum 256 ne, kuma wanda bai adana lambarka ba saƙon ba zai isa gare shi ba. In ka ga alamar isarwa ta tsaya guda ɗaya kwana da kwanaki, fara zargin wannan. A imel kuwa, adireshin mutane a gurbin Bcc ake sa su, don kada kowa ya ga na kowa. Kada a sa sunan wanda bai yarda ba, wanda ya ce a cire shi kuma a cire shi ran nan, ba fushi.

Yaya za a gane tana aiki? Da amsa. Mai zuman ya rufe da tambaya ɗaya mai sauƙi: "Taku ta daskare bana?" In wata uku suka wuce ba wanda ya tanka cikin sittin ɗin, ya kira biyar daga cikinsu ya ji ko saƙon yana isa.