Jimloli uku a imel ɗin Faransanci da ke sauya siffar aikatau

Duk mai aikin ofis a Maraɗi, Damagaram, Injamena ko Garwa ya san yawancin imel na aiki da Faransanci ake rubuta shi. Akwai wani kuskure da ke yawan tona asirin marubuci a irin waɗannan wasiƙu, wato barin aikatau a siffarsa ta yau da kullum a wurin da nahawu ke neman siffar da Faransawa ke kira subjonctif. Kalmomin da suka fi janyo ta a ofis su ne il faut que, afin que da bien que.

Bahaushe ba baƙo ba ne a nan. Muna cewa "kun aiko", amma da zarar "dole ne" ta shigo sai mu ce "dole ne ku aiko". Muna cewa "mun biya", amma "domin mu biya". Ba wanda zai ce "dole ne kun aiko" yana nufin umarni. Abin da ake buƙata ko ake fata bai riga ya faru ba, shi ya sa yake da tasa siffar. Faransanci ma haka yake yi bayan il faut que, wato dole ne, da afin que, wato domin.

A ɗauka sakataren wani ɗan kasuwa a Maraɗi ne ke rubuta wa dillali a Kwatano. Kaya sun iso, amma takardar kuɗinsu ba sa hannu. Ya rubuta:

```
Bien que nous avons reçu la marchandise, la facture n'est pas signée.
Il faut que vous la renvoyez, afin que le comptable peut payer.
```

Dillalin zai gane saƙon, sai dai kuskure uku ne a layi biyu. Ga gyaran:

```
Bien que nous ayons reçu la marchandise, la facture n'est pas signée.
Il faut que vous la renvoyiez, afin que le comptable puisse payer.
```

Na tsakiya ya fi wuyar gani, domin harafi ɗaya ne tak. Idan da vous ake magana, ƙarshen aikatau yakan zama -iez, ba -ez ba, ko da tushen ya ƙare da y. A baki kusan ba a jin bambancin renvoyez da renvoyiez, shi ya sa wanda ya iya magana sarai yake tuntuɓe a rubutu. Ƙa'idar gina siffar vous ba ta da wuya: a ɗauki aikatau yadda yake zuwa da nous, a cire -ons, a liƙa sabon ƙarshe. Daga nous remplissons ake samun que vous remplissiez. 'Yan tsirarun da suka bijire kuwa sai hadda, kuma su ne suka cika wasiƙun ofis: soyez, ayez, fassiez, puissiez, sachiez.

Inda kunnen Bahaushe ba zai cece shi ba shi ne bien que. A Hausa cewa muke yi "ko da yake mun karɓi kaya", da siffar abin da ya riga ya faru, tun da ai an karɓa. Faransanci bai duba wannan ba. Ko da maganar gaskiya ce tsagwaronta, bien que sai da subjonctif, saboda haka nous avons ya koma nous ayons. A ganina neman hikimar abin ɓata lokaci ne, gara a riƙe shi a matsayin doka. Wanda siffar ta ɓace masa yana sauri yana iya sa même si a madadinta, ya bar aikatau yadda yake: même si nous avons reçu. J'espère que ma takan yaudari mutane ta ɗaya ɓangaren, domin fata ce, amma siffar yau da kullum take ɗauka.

Afin que tana da nata sharaɗin: sai mai aiki a jimlar farko ya bambanta da na biyu. A wasiƙarmu dillali ne zai aiko, akanta ne zai biya, saboda haka ta zauna daidai. Da sakataren ne mai yin duka biyun, sai ya rubuta afin de da aikatau tsagwaronsa: je vous écris afin de confirmer la commande.

Saura batun ladabi, wanda nahawu kaɗai ba ya gyarawa. Il faut que vous daidai take, amma tana da kaushi idan abokin ciniki ko maigida ake rubuta wa. Il faudrait que vous la renvoyiez ta fi taushi, kuma aikatau na nan a subjonctif. Ma'aikata da yawa sukan zaɓi merci de bien vouloir la renvoyer, wadda ba ta neman siffar ko kaɗan, kuma ita zan ba sakataren nan shawara ya tura wa dillalinsa.