Kafin ki ba shi biskit, juya bayan ledar

Uwargida, idan gyaɗa na sa wa ɗanki borin jini ko kumburin leɓe, karanta jerin kayan haɗi kafin ki sayi biskit a shagunan Zoza ko kasuwar Rogo. Sunan da aka rubuta da haruffa masu kauri, kamar peanut ko groundnut, yana cikin haɗin tabbas. Shi kuwa "may contain" yana nufin ba a zuba ba, amma ɓurɓushi kan iya shiga daga injin da ya sarrafa gyaɗa. Wata ledar ba komai, wata akwai. Don haka cin da ya yi jiya lafiya ba hujja ba ne. Numfashinsa ya sarƙe? Ku nufi asibiti nan take.