Zazzaɓin da Ya Ƙi Jin Magani: Lokacin da Ƙwayar Cuta ta Sauka a Bawul ɗin Zuciya

Mu ɗauki misalin wata budurwa 'yar shekara 19. Mako huɗu ke nan tana fama da zazzaɓi, ba mai zafi sosai ba, amma kullum da yamma sai ya dawo, da dare kuma gumi ya jiƙa mata zane. Ta sha maganin maleriya har sau biyu. An yi mata gwajin Widal, aka ce taifot ne, ta sha ƙwayoyi, jiki ya ɗan lafa, yana ƙarewa zazzaɓin ya dawo. Ta rame, ba ta cin abinci. Da likita ya ɗora na'urar sauraro a ƙirjinta, sai ya ji wani sauti kamar huci a tsakanin bugun zuciyar, wanda babu shi a katinta na baya. Daga nan tunanin likita ya kamata ya koma kan cutar da ake kira endokaditis.

Zuciya na da bawul huɗu, aikinsu su bar jini ya wuce gaba, su hana shi komawa baya. Idan bawul yana da tabo, ƙwayar cutar da ta shiga jini takan sami wurin maƙalewa. A ƙasarmu tabon yakan samo asali ne daga ciwon maƙogwaro na yarinta da ba a yi wa magani ba, wanda kan lalata bawul a hankali. Akwai kuma masu nakasar zuciya tun haihuwa, da waɗanda aka sa wa bawul na roba ko na ƙarfe. Ƙwayar kuwa takan shigo daga ruɓaɓɓen haƙori da dasashi, ko daga maruru, ko allura marar tsabta.

Da ta maƙale, sai jini ya daskare a kanta, ya zama wani tsiro da ke ba ta mafaka. Tana nan tana cin bawul ɗin har ya fara yoyo, jini yana komawa baya. Wannan komawar ce likita ke ji a matsayin sabon sauti. Shi ya sa haɗuwar abin biyu ke tayar da hankali: zazzaɓi na nuna akwai ƙwaya a jiki, sabon sautin na nuna inda take ɓarna. Kuma tsiron na iya ɓallewa, jini ya kai ɓarɓashinsa ƙwaƙwalwa ya shanye ɓarin jiki, ko ya kai shi ƙoda ko saifa.

Hoton zuciya, wato eko, zai iya nuna tsiron, amma ba zai faɗi wace ƙwaya ce ba. Wannan sai gwajin kalca, inda ake zuba jini a kwalabe masu abincin ƙwayoyi, a ajiye su cikin ɗumi daidai da na jiki, a ga abin da zai tsiro. Ƙa'ida ita ce a ɗebi jini sau 3, kowane daga jijiya daban, da tazarar kamar minti 30, a zuba kimanin mililita 10 a kowace kwalba ga babban mutum. Ba sai an jira zazzaɓi ya tashi ba, domin a wannan cuta ƙwayar na zuba cikin jini dare da rana. Dalilin maimaitawa kuwa shi ne fatar mutum ma na da ƙwayoyi. Idan kwalba ɗaya tak ta nuna wani abu, yana iya yiwuwa daga fata ya shiga. Idan ƙwaya iri ɗaya ta fito a duka, to daga cikin jini take. Yawanci sakamako kan fito cikin kwana biyu zuwa uku, amma ana riƙe kwalaben har kwana 5.

Abin da ya fi damuna shi ne maganin da ake sha kafin a ɗebi jini. Kafso biyu ko uku na amoksisilin daga kemis ba za su warkar da cutar ba, amma sun isa su hana ƙwayar tsira a kwalba. Sai sakamako ya fito babu komai, alhali bawul na ci gaba da lalacewa. Don haka jini ake fara ɗiba kafin a fara magani. Mai jinya kuma ya faɗa wa likita duk abin da aka sha da ranar da aka daina, ko da kwalin ne ya zo da shi. Idan jikin marar lafiya da sauƙi, likita na iya dakatar da maganin na 'yan kwanaki ya sake gwaji. Idan kuwa jiki ya yi tsanani, ana ɗibar jinin cikin gaggawa a fara allura nan take.

A ce kwalaben budurwar nan sun nuna istireftokokus irin na baki. Wannan sau da yawa tana jin fenisilin ko seftiriyazon, ta jijiya, na tsawon mako 4. Da istafilokokus ce, wadda kan iya huda bawul cikin 'yan kwanaki, da maganin ya bambanta, kuma yakan kai mako 6. Bayan an fara allura za a sake ɗibar jini don a tabbatar ƙwayar ta ɓace. Idan ta ƙi ɓacewa, ko numfashi ya fara yi wa yarinyar wuya saboda yoyon bawul, to magana ta koma hannun likitocin tiyatar zuciya.