Yadda ake ba malamin Faransanci haƙuri

A makarantun Faransa da Nijar, ɗalibi ba ya kiran malaminsa da «tu». «Vous» ake cewa, ko da malamin matashi ne. In ka rasa darasi, ka buɗe saƙonka da «Madame» ko «Monsieur», sannan ka rubuta: «Je vous prie de m'excuser pour mon absence de lundi», wato ina roƙon a yi mini afuwa kan rashin zuwana ran Litinin. Masu tsantseni na ƙin «je m'excuse», don a ganinsu kai ne ka yafe wa kanka, kuma ina ganin gara a kauce masa. Dalili ɗaya ya isa: «j'étais malade», ba ni da lafiya. Ka rufe da «Respectueusement», sai sunanka da ajinka.